Yadda ake shirya huɗuba a kan marayu da matan da mazansu suka rasu

Wanda ke danne gonar marayu yana sallar Juma'a, kuma sau da yawa a sahun gaba yake zama. Idan liman ya hau mumbari ya karanto falalar kula da maraya, wannan mutumin zai gyaɗa kai tare da kowa, wataƙila ma ya saka naira ɗari biyar a akwatin taimako, ya koma gida gonar tana hannunsa. Shi ya sa huɗubar da ta tsaya kan falala kaɗai takan sa mutane hawaye, amma ba ta canza komai a gidan mamaci. Huɗubar da ake son shiryawa a nan ita ce wadda ke fara maganar haƙƙi kafin maganar sadaka, kuma ta ƙare da aiki guda ɗaya da jama'a za su iya farawa a ranar. Shirinta yana ɗaukar kamar mako biyu, kuma mafi yawan aikin ba a kan mumbari ake yin sa ba.

Mako biyu kafin Juma'ar: ƙidayar unguwa

Kafin ka buɗe littafi, malam, ka san unguwarka. Ka zauna da mai unguwa, da ladan, da limaman masallatan khamsu salawati da ke kewaye da masallacin Juma'ar, ku lissafo magidantan da aka yi wa jana'iza a shekara biyu zuwa uku da suka wuce. Ladan da masu wankan gawa sun fi kowa riƙe wannan a ka. Daga nan sai aikin ya koma hannun mata. A nemi dattijuwa biyu masu riƙon sirri, kamar malamar Islamiyyar matan aure ko ungozomar unguwa, su shiga gidajen ɗaya bayan ɗaya. Namiji ba zai samu gaskiyar magana ba. Idan liman ya yi sallama a zaure ya tambayi uwar marayu yaya ake ciki, amsar da zai ji ita ce "Alhamdu lillahi, malam, muna godiya", ko da kwana biyu ba a ɗora tukunya ba.

Abin da za su tambayo bai da yawa. Yara nawa ne, shekarunsu nawa, su waye ke zuwa makaranta, su waye suka daina tun bayan rasuwar. Gidan nasu ne ko haya, kuma yaushe kuɗin hayar zai ƙare. An raba gado ko ba a raba ba, kuma dukiyar tana hannun wa. Uwar tana da sana'a ko ba ta da ita. Tana cikin takaba ko ta fita, tana da ciki ko babu. A rubuta amsoshin a littafi ɗaya, kowane gida a ba shi lamba maimakon suna, sunayen kuma su tsaya a wurin mutum biyu ko uku kawai.

A nan ne ake tace wanda ake kira maraya. A shari'a maraya shi ne yaron da mahaifinsa ya rasu bai balaga ba, kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya nuna babu maraici bayan balaga. Saurayi ɗan shekara 25 da ke cewa shi maraya ne yana iya zama mabuƙaci, a taimake shi da sunan talauci, amma kada a cika lissafin marayu da irinsa. Haka kuma kalmar bazawara a bakinmu ta haɗa wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu, ga shi kuma takan jawo murmushin samari a cikin sahu. A kan mumbari ka ce "matan da mazansu suka rasu" ko "iyayen marayu".

Idan littafin ya cika, matsala ɗaya za ta fito fili fiye da sauran. Wata unguwa gadon da ba a raba ba ne, wata kuɗin haya ne, wata yara ne da aka cire daga makaranta aka ɗora musu talla. Wannan matsalar ita ce ƙashin bayan huɗubar. Sauran a ajiye su don wata Juma'ar.

Zaɓen ayoyi da hadisai

Nassosin wannan babi suna da yawa, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a kwaso su duka. Aya uku da hadisi uku sun isa huɗubar minti ashirin, idan an ba kowanne haƙƙinsa na fassara.

A buɗe da Suratud Duha, aya ta 6 da ta 9, inda Allah ya tuna wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya same shi maraya ya ba shi mafaka, sannan ya hane shi ga danne maraya. Kowa ya haddace surar, har yaran da ke bayan sahu, kuma tana ɗaga darajar maraya kafin a fara maganar buƙatarsa. Wannan yana da muhimmanci, domin marayun suna zaune a masallacin suna ji. Aya ta biyu ita ce Nisa'i aya ta 10, wadda ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikkunansu. Ta uku Nisa'i aya ta 6, wadda ta shimfiɗa yadda mai riƙon dukiyar zai yi: ya jarraba hankalin yaro, ya miƙa masa dukiyarsa idan ya balaga ya kuma nuna shiriya, mawadaci ya kame daga ci, matalauci ya ci gwargwadon abin da aka sani, kuma a kafa shaidu ranar miƙawa. Mutane da yawa sun san ayar tsoratarwar, ba su san ayar tsarin ba.

A hadisai, na farko shi ne na Sahlu ɗan Sa'adu a Bukhari: "Ni da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka muke a Aljanna", ya yi nuni da manuniya da ɗan yatsan tsakiya. Ka ɗaga yatsun naka lokacin da kake faɗa. Na biyu na Abu Huraira a Bukhari da Muslim, cewa mai kai-komo a kan buƙatar matar da ba ta da miji da miskini kamar mai jihadi ne a tafarkin Allah, ko kamar mai tsayuwar dare da azumin yini. Ka tsaya a kan kalmar kai-komo, domin ita ce ta shigar da wanda ba shi da ko sisi: wanda ya bi wa uwar marayu takardun fansho ya shiga, wanda ya raka yaro asibiti ya shiga. Na uku shi ne hadisin abubuwa bakwai masu halakarwa, inda aka jera cin dukiyar maraya tare da shirka, da sihiri, da kisan kai, da riba.

Ka duba ingancin duk abin da za ka ce Annabi ya faɗa. Wannan babi cike yake da ruwayoyin da ke yawo a bakin masu wa'azi, irin waɗanda ke ƙidaya lada mai yawa ga wanda ya shafi kan maraya ranar Ashura, alhali malaman hadisi sun yi watsi da su. Ingantattun sun wadatar, kuma ɗalibi ɗaya da ya kama ka da ruwaya marar asali zai iya sa a manta da duk sauran abin da ka faɗa.

Huɗuba ta farko: haƙƙi

Bayan godiya ga Allah, da salati, da wasiyya da taƙawa, ka karanta ayoyin Duha, sannan ka sauko unguwa kai tsaye da alƙaluman da aka ƙidayo. A ce ƙidayar ta nuna gida 12 da yara 41. Kana iya cewa:

"Ya ku bayin Allah, tsakanin wannan masallaci da bakin kasuwa akwai gida goma sha biyu da muka ɗauki gawar maigidan da hannunmu. A cikinsu akwai yara arba'in da ɗaya da ba su balaga ba. Bakwai sun daina zuwa makaranta. Gida biyar har yau ba a raba gadonsu ba."

Alƙalami na gaskiya daga unguwar ya fi duk wani labari mai sa kuka daga wata ƙasa. Sharaɗin kawai shi ne kada a iya gane gida. Idan mai shagon ɗinki ɗaya ne ya rasu a unguwar, ka ce "wani tela" daidai yake da kiran sunansa.

Daga nan sai gado, kuma a nan ya kamata huɗubar ta fi daɗewa. Ka fara da tsarin da shari'a ta sa: a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba abin da ya rage. Ka faɗi a fili cewa ragowar sadakin da miji bai biya ba bashi ne, kuma kuɗin da matar ta ranta masa ya ƙara jari bashi ne. Ka faɗi cewa kayan ɗakinta, da keken ɗinkinta, da awakin da ta saya da kuɗin adashinta nata ne, ba sa shiga gado. A wannan gaɓar ake cutar mata da yawa, domin dangin miji sukan zo su ƙidaya duk abin da ke cikin gidan.

Sannan ka yi lissafi ɗaya a bainar jama'a, a hankali, da lambobi masu sauƙin riƙewa. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, da ƙane wanda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan biyan bashi, dukiyarsa ta kama naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas, saboda akwai 'ya'ya: naira 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa shida: naira 400,000. Saura naira 1,700,000 na 'ya'ya ne, a kasa shi biyar, namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya: kowane namiji 680,000, mace 340,000. Ka ɗan yi shiru, sannan ka tambaya: ƙanen mamacin fa? Ba shi da ko kwabo, domin ɗa namiji ya kange shi, ko da jariri ne a goye. Da 'ya'ya mata biyu kawai mamacin ya bari, da sun ɗauki biyu bisa uku, naira 1,600,000, matar da mahaifiyar suna nan a kan rabonsu, ƙanen kuma ya tashi da 100,000 kacal. Baffan da ya karɓe shago da sunan shi ne babba a gida, idan ya ji wannan lissafin daga mumbari, ya san da shi ake, kuma maƙwabtansa sun sani. Ba ka ambaci kowa ba.

Ka ƙara da abu biyu a gurguje. Idan matan sun fi ɗaya, tumunin nan guda suke rabawa a tsakaninsu, ba kowacce da nata ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa rabon uwar marayu ba ya kai ta ko'ina. Idan kuma akwai mai ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu, amma dakatarwa ba ta nufin wani ya ci gaba da juya dukiyar babu rubutu.

Ka yi adalci ga masu riƙo, domin ba dukansu ne azzalumai ba. Akwai baffan da ya haɗa marayu da 'ya'yansa, tukunya ɗaya, yana ta fargaba kada ya ci haram. Shi ka karanta masa Baƙara aya ta 220, wadda ta halatta cuɗanya da su kuma ta ce Allah ya san mai ɓarna daga mai gyara. Ka ba shi hanya mai sauƙi: a kira mutum biyu adilai su rubuta abin da yaran suka gada, gona ce ko gida ko kuɗi, a ajiye kwafi a wurin uwar, ya riƙe littafin shiga da fita, idan gona ce a rubuta buhu nawa aka samu duk kaka. Ka ambaci maganar Sayyidina Umar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa a yi kasuwanci da dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, amma ka gargaɗe shi kada ya zuba ta a harkar da shi ma ba zai zuba tasa ba. Inda rigima ta riga ta shiga, ka nuna musu kotun shari'a. Alƙali ne ke da ikon tilasta rabo da naɗa wasiyyi, liman ba shi da shi.

Takaba tana buƙatar minti uku ko huɗu, domin al'ada ta ɗora mata abin da shari'a ba ta ɗora ba. Muddarta wata huɗu da kwana goma, kamar yadda Baƙara aya ta 234 ta faɗa, mai ciki kuma da ta haihu ta fita, kamar yadda ya faru da Subai'atul Aslamiyya. Abin da aka hana ta shi ne ado, da turare, da kwalli, da ɗaura aure, da kwana a wani gida ba tare da lalura ba. Ba a hana ta wanka ba, ba a hana ta magana da mutane ba, ba a hana ta fita da rana don buƙatarta ba, ko asibiti, ko wurin aiki, ko sayo kayan sana'a. Abin da magada suka fi buƙatar ji shi ne wannan: a Malikiyya tana da haƙƙin zama a gidan har ta gama takaba idan gidan na mijin ne ko ya riga ya biya hayarsa, don haka ba a tashinta ranar sadakar arba'in don a sayar da gida. Amma ba ta da ciyarwa daga dukiyar mamacin sai daga rabonta. Wato a cikin waɗannan watanni, mace ce da ba ta da mai ciyar da ita, ba za ta iya aure ba, gado kuma galibi ba a raba ba. Masu zuwa gaisuwa sun watse tun ranar bakwai. Idan akwai lokacin da unguwa ya kamata ta tsaya mata, wannan ne.

Wata magana da ba a cika taɓawa ba ita ce raba uwa da 'ya'yanta. Dangin uba sukan kasa yaran a tsakaninsu, wannan ya ɗauki ɗaya wancan ya ɗauki biyu, da niyyar taimako. A Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, idan ta sake aure da wani bare kuma renon yakan koma ga kakar yaran ta wajen uwa. Wanda ke son lada ya kai abincin inda yaron yake. Wanda kuma ya auri uwar marayu, ka tuna masa Annabi ya auri Ummu Salama da 'ya'yanta, suka tashi a gidansa, don kada agola ya zama ɗan aike a gidan da ake kai sauran yara makaranta.

Huɗuba ta biyu: buƙata guda ɗaya

Huɗuba ta biyu gajeriya ce, minti biyar ta isa. Akwai asali mai kyau da za ka kafa ta a kai: hadisin Jarir ɗan Abdullahi a Muslim, lokacin da wasu mutanen Mudar suka zo Madina babu takalmi babu suturar kirki, fuskar Annabi ta canza, ya yi salla sannan ya yi wa mutane jawabi, ya ce mutum ya yi sadaka daga dinarinsa, daga dirhaminsa, daga tufarsa, daga sa'in alkamarsa, daga sa'in dabinonsa, ko da da tsagin dabino ne. Aka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi. Ya ambaci abubuwan da mutane ke da su a gida, da ma'aunin da suka sani.

Kai ma haka za ka yi. "A taimaka wa marayu" ba buƙata ba ce, domin babu wanda ya san nawa, ko ga wa, ko yaushe. Ka koma ga gidaje 12 ɗin nan. A ce kwamitin da aka kafa don wannan aiki ya yanke cewa kowane gida zai samu tiya 10 ta hatsi duk wata, ƙari a kan abin da suke samu. Tiya 120 ke nan, wato buhu uku idan buhu yana cin tiya 40. Sai ka ce: "Muna neman mutum ɗari da ashirin, kowa tiya ɗaya ta masara ko gero ko kuɗinta, duk Juma'ar farko ta wata, har shekara guda." Masallacin da ke tara mutum ɗari uku zai iya wannan ba tare da an jira attajiri ba. An fi so a auna da tiya maimakon naira saboda farashi yana motsi, alkawarin da aka yi da naira a watan kaka ba zai sayi abin da aka yi niyya ba idan damina ta yi nisa.

Ga yara bakwai da suka bar makaranta, ka nemi mutum bakwai, kowa yaro ɗaya, ya biya kuɗin kai tsaye a makarantar ya karɓi rasit. Ga marasa kuɗi, ka ambaci ayyukan kai-komo da sunansu: mai kemis da zai ba da magani bashi, magini da zai gyara katangar da ruwa ya kayar, ma'aikaci da ya san hanyar ofis da zai bi takardar shaidar mutuwa da takardar kotu da banki ke nema kafin a saki kuɗin mamaci. Idan mamacin ma'aikaci ne a ƙarƙashin tsarin fansho na adashe, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aikinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, kuma iyalai da yawa ba su san da wannan ba balle su nema.

Ka fayyace maganar zakka a jimla biyu, domin za a tambaye ka. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin zakka, babu maraya a ciki da sunan maraici. Maraya matalauci yana ci da sunan talauci, wanda ya gaji dukiya mai yawa kuwa ba ya ci. Saboda haka kuɗin zakka da na sadaka kowanne da shafinsa a littafin kwamiti.

Kada a zagaya da akwati ko faranti kana kan mumbari. Sauraron huɗuba wajibi ne, har wanda ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru ya yi yasasshiyar magana. Ka sanar cewa bayan sallama mutum biyu za su zauna a kowace ƙofa da littafi da biro, a rubuta suna da lambar waya da abin da mutum ya ɗauka. Wannan zaman dole a shirya shi tun ranar Alhamis. Zuciyar da huɗuba ta tausasa ba ta wuce minti goma, da mutum ya sa takalmi ya shiga hayaniyar masu sayar da turare da asuwaki, magana ta wuce.

A masallatan da ake karanta huɗuba da Larabci a yi fassara kafin liman ya hau ko bayan ya sauka, lissafin gado da buƙatar duka su shiga ɓangaren Hausa, kuma a ba mai fassara rubutaccen alƙaluman, kada ya faɗe su da ka. Tsawon huɗuba ta farko da ta biyu a haɗe kada ya wuce minti 20 zuwa 25. Rabin jama'a suna waje a rana a kan tabarma, kuma hadisin Ammar ɗan Yasir a Muslim ya sa gajarta huɗuba da tsawaita salla cikin alamun fahimtar mutum.

Inda abin ke lalacewa

Mafi muni shi ne tozarci. A jera marayu a gaban masallaci sanye da yadi iri ɗaya, a ɗauki hoto suna riƙe da leda, a watsa a waya. Yaron da aka yi wa haka gobe zai shiga aji da abokan da suka ga hoton. Alamar cewa kun faɗa wannan ita ce gidajen da suka fi buƙata su fara cewa a cire su daga lissafi. A kai kaya gida bayan magariba, ta hannun matan da suka yi ƙidayar, a buhun da ba a rubuta komai a jikinsa ba.

Na biyu shi ne kwamitin maza zalla da ke shiga gidajen matan da ba su da maza. Ko niyya ta yi kyau, zargi zai taso, wani lokaci kuma niyyar ba ta da kyau: akwai mai kai shinkafa yana neman wani abu a madadinta. Ka faɗi wannan a huɗubar da kalmomi masu tsabta, ka kafa doka cewa namiji ba ya kai taimako shi kaɗai, kuma mai son aure ya jira takaba ta ƙare ya bi ta hannun waliyyinta.

Na uku kuɗi ne a hannun mutum ɗaya. Liman kada ya riƙe kuɗin da kansa, ko don kare mutuncinsa. A sa ma'aji daban da mai rubutu daban, idan akwai asusun banki a sa sai da hannun mutum biyu ake cirewa. Duk Juma'ar farko ta wata, bayan salla, a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da yawan gidajen da aka kai wa, a minti biyu. Masu alkawari sukan fara raguwa daga wata na uku, kuma inda ba a karanta rahoto raguwar ta fi sauri, domin wanda bai ji inda tiyarsa ta tafi ba yakan ɗauka an daina. A kira waɗanda suka yi shiru a waya sau ɗaya cikin ladabi, a kuma buɗe littafin ga sababbi.

Akwai kuma zaɓen lokaci. Kusan kowa yana tuna marayu a goman ƙarshe na azumi, a yi musu ɗinkin salla, abin ya tsaya nan. A karkara yunwa ta fi tsanani a tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. A birni kuma watan Satumba ne, da komawar makaranta. Idan za ka zaɓi Juma'a ɗaya a shekara, ka sa ta da kaka, hatsi yana araha, a saya a ajiye, ko kuma makonni uku kafin a koma makaranta.

Sannan waɗanda aka yi huɗubar dominsu galibi ba su ji ta ba, tunda mata kaɗan ne ke zuwa Juma'a a yawancin garuruwanmu. A cikin makon da ya biyo baya, a maimaita ɓangaren gado da takaba da reno a Islamiyyar matan aure, malama ta karanta lissafin nan na miliyan biyu da dubu ɗari huɗu a kan allo, a bar lokacin tambaya. A wannan zaman ne za a ji wadda aka hana tumuninta shekara huɗu, da wadda ba ta san akwai kuɗin mijinta a banki ba. Malamar ta rubuta lambar gidan, ta miƙa wa kwamiti, kwamiti ya fara da kiran dattijan dangin mamacin zaman sulhu a gidan mai unguwa. Idan an yi zama biyu ba a daidaita ba, a haɗa matar da mutum ɗaya daga kwamiti ya raka ta kotun shari'a, da jerin dukiyar a rubuce da sunayen shaidu biyu da suka san abin da mamacin ya bari.